Yadda Za a Lissafa Burodin da Ƙaramin Gidan Burodi Zai Sayar Kullum Kafin Ya Mayar da Kuɗinsa

Tambayar da masu shirin buɗe gidan burodi suka fi maimaita mini ita ce, burodi nawa ya kamata a sayar a rana kafin a ce an biya kuɗin fulawa, da itace, da albashin ma'aikata, da haya. Babu adadi ɗaya da ya dace da kowane gida, amma hanyar fitar da adadin ɗaya ce, kuma wanda ya bi ta da takarda da alƙalami zai san nasa cikin mako guda.

Zan yi aikin ne da misalin ƙaramin gida a cikin Kano mai tandar itace ɗaya, da injin murza kwaɓi ɗaya, da ma'aikata biyar, wanda yake sayo kayansa a Kasuwar Singa. Duk farashin da zan ambata na misali ne domin lissafin ya fito fili. Kai kuma sai ka goge nawa ka sa wanda ka biya a wannan makon, domin yawancin alkamar da ake yin fulawa da ita a Najeriya daga waje ake shigo da ita, shi ya sa farashin buhu ba ya zama wuri ɗaya. Abin da za ka tanada kaɗan ne: sikeli mai kyau, da littafin rubutu, da rasiɗan sayayyar wata guda, da baro ɗaya na auna itace.

1. Raba kuɗin da kake kashewa gida biyu

Kafin ka haɗa ko sisi, buɗe shafi biyu a littafinka. A shafi na farko za ka rubuta kuɗin da yake bin buhu, wato wanda yake ƙaruwa idan ka ƙara kwaɓi kuma yake raguwa idan ka rage, kamar fulawa da sukari da bota da yis da leda. A shafi na biyu za ka rubuta kuɗin da yake bin rana, wanda za ka biya ko ka kwaɓa buhu ɗaya ko ka kwaɓa huɗu, kamar haya da albashin wata.

Dukkan lissafin a kan wannan rabon ya tsaya. Kowane burodi da ka sayar yana fara biyan abin da aka kashe a jikinsa, sannan ɗan abin da ya rage shi ne yake tafiya wajen biyan shafi na biyu. Adadin da muke nema shi ne yawan burodin da ragowarsu za ta cike shafi na biyu cif.

Gargaɗi: idan a buhu kake biyan ma'aikatanka, kamar yadda wasu gidajen suke yi, to ladansu a shafi na farko yake. Idan albashin wata ne, a shafi na biyu yake. Kada ka rubuta shi a wurare biyu, kada kuma ya ɓace a tsakani.

2. Gano burodin da buhu ɗaya yake haifarwa

Wannan mataki da sikeli ake yin sa, ba da ji daga bakin mai gashi ba. A misalinmu, buhun fulawa mai kilo 50 ana haɗa shi da ruwa lita 26, da sukari kilo 6, da bota kilo 2, da yis rabin kilo, da gishiri giram 700. Idan aka tattara, kwaɓin ya kai kimanin kilo 85. Idan ana yanka kowane burodi a giram 500 na ɗanyen kwaɓi, a takarda za a samu guda 170.

A aikace ba a samun haka. Wani kwaɓin yana maƙalewa a jikin inji da tebur, kuma hannun mai yanka yakan ɗara awo da giram goma ko goma sha biyar ba tare da ya lura ba, wanda idan aka ninka shi sau ɗari da wani abu ya cinye burodi uku zuwa biyar. Saboda haka ka tsaya da kanka kwana uku a jere ka ƙirga gwangwanayen da suka shiga tanda daga kowane buhu, sannan ka ɗauki matsakaicinsu. A misalinmu za mu ce 165 ne.

Gargaɗi: nauyin ɗanyen kwaɓi za ka yi amfani da shi, ba nauyin gasasshen burodi ba, domin wuta tana ƙone kimanin kashi 10 cikin ɗari na nauyin ta hanyar fitar ruwa. Kwaɓin giram 500 zai fito a wajen giram 450. Wanda ya raba kilo 85 da giram 450 zai ga guda 188, ya gina lissafinsa a kan burodi ashirin da wani abu da ba su taɓa wanzuwa ba. Haka kuma kada neman kumburi ya kai ka ga sinadarin buromet, wanda hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi. Bayan cutar da yake yi wa masu ci, idan aka rufe gidan babu sauran lissafin da zai yi amfani.

3. Raba itace kashi biyu

A nan ne mutane da yawa suke kuskure, domin itace ba ya zama a shafi ɗaya. Tandar bulo tana cin itace mai yawa kafin jikinta ya ɗauki zafin da zai gasa burodi, kuma wannan itacen za ka ƙone shi ko da gwangwani ashirin kacal za ka saka. Bayan ta ɗauki zafi, abin da ake ƙara mata tsakanin zubi da zubi bai kai na farko ba. Na farkon kuɗin rana ne, na biyun kuma kuɗin buhu.

Ga yadda za ka raba su. Ranar da aka sauke maka lodin itace, ka auna shi da baro yayin da ake jibge shi. A ce lodin ya tsaya maka a naira 90,000 har da kuɗin mota da na faskare, kuma ya ba da baro 60, to kowane baro naira 1,500 ke nan. Daga nan sai ka lura da ranaku biyu masu bambancin aiki. A ce ranar da aka kwaɓa buhu biyu an ƙone baro shida, ranar da aka kwaɓa buhu huɗu kuma an ƙone baro takwas. Ƙarin buhu biyu ya ci ƙarin baro biyu, wato kowane buhu baro ɗaya yake ci. Idan ka cire baro biyu na buhunan daga shida na ranar farko, saura huɗu, kuma waɗannan huɗun su ne kuɗin tayar da tanda. Saboda haka naira 6,000 za ta tafi shafin rana, naira 1,500 kuma ta shiga kuɗin kowane buhu.

Wannan rabon yana bayyana abin da yake ɗaure wa sababbin shiga kai, wato dalilin da ya sa ranar ƙaramin aiki take fin ciwo. Idan buhu ɗaya ka kwaɓa, itacen da ya hau kan kowane burodi ya haura naira 45. Idan uku ka kwaɓa, bai wuce naira 21 da 'yan kwabbai ba, alhali tanda ɗaya ce kuma wuta ɗaya.

Gargaɗi: ka sake wannan awon da damina. Jiƙaƙƙen itace yana ɓata zafinsa wajen busar da kansa, sai ka ga baro huɗu na tayar da tanda sun zama biyar ko shida, ga hayaƙi. Haka nan tandar da ta kwana biyu ba a hura ta ba tana cin fiye da wadda aka yi aiki da ita jiya. Idan kana da fili, sayen itace da rani a killace shi a rumfa yana daga cikin abubuwan da suke riƙe adadinka kada ya tashi.

4. Haɗa kuɗin buhu ɗaya

Yanzu sai ka cike shafi na farko. Ka rubuta kuɗin abin da ya shiga buhu ɗaya kawai, ba kuɗin kwalin da ka sayo ba. Idan buhun sukari mai kilo 50 naira 80,000 ne, kilo ɗaya 1,600 ke nan, kilo shida kuma 9,600. Ga yadda na misalinmu ya kasance:

- Fulawa, buhu ɗaya: 60,000
- Sukari, kilo 6: 9,600
- Bota, kilo 2: 7,000
- Yis, rabin kilo: 3,500
- Gishiri da sinadarin laushi: 1,500
- Man shafa gwangwani: 1,400
- Leda mai tambari: 2,500
- Man inji na murza buhu ɗaya: 2,000
- Kuɗin mota da dako daga kasuwa: 1,000
- Ruwa daga 'yan garuwa: 750
- Itace, baro ɗaya: 1,500

Jimla naira 90,750. Idan ka raba ta da burodi 165, kowane guda ya tsaya a naira 550 a bakin tanda. Ka lura cewa fulawa ita kaɗai ta ɗauki kusan kashi biyu cikin uku na kuɗin, abin da za mu komo kansa a mataki na tara.

Gargaɗi: da farashin da za ka sayi buhu na gaba za ka yi lissafi, ba da wanda ka sayi na cikin sito ba. Idan ka sayi buhu ashirin a kan 57,000 makonni uku da suka wuce, yau kuma yana 60,000, to 60,000 za ka rubuta, domin da kuɗin burodin yau za ka mayar da gurbin buhun da ka buɗe. Idan kuma bashi kake karɓar fulawa daga dila ya ɗora maka wani abu a kai, farashin bashin ne naka.

5. Mayar da haya da albashi kuɗin rana

Haya a shekara ake biya, albashi a wata, amma burodi kullum ake sayarwa, don haka dole a mayar da su duka na rana. Abin lura shi ne a raba su da ranakun da ake aiki, ba da ranakun kalanda ba. Idan gidan yana hutun kwana ɗaya a mako, ranakun aiki 26 ne a wata, 312 a shekara, kuma su ne za su ɗauki nauyin ranakun da tanda take a kashe.

Hayar naira 600,000 a shekara idan aka raba ta da 312 ta ba da 1,923, sai a cike ta zuwa 2,000. Albashi kuwa, mai gashi yana karɓar 80,000, mai kwaɓi 60,000, yara biyu masu yanka da sa leda 35,000 kowanne, mai kai kaya a babur 50,000. Jimla 260,000, wato 10,000 a kowace ranar aiki. Sai kuɗin abincin ma'aikata, naira 500 ga mutum biyar, 2,500 ke nan. Sai fetur ɗin raba burodi 3,000, wanda tun bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 ya daina zama abin da za a ce ba sai an rubuta ba. Sai itacen tayar da tanda 6,000. A ƙarshe ka ware 2,000 kullum domin gyaran inji da babur, da sauya gwangwanayen da suka lotse, da kuɗin lantarki, da harajin ƙaramar hukuma, da sabunta takardun rajista. Waɗannan duka sun tashi a naira 25,500.

Saura abu ɗaya da kusan kowa yake tsallakewa, shi ne ladan mai gidan kansa. Idan kai ne kake zuwa kasuwa, kake karɓar kuɗi, kake bin bashi, to aiki kake yi, kuma cefanen gidanka daga wannan aljihun zai fito ko ka rubuta ko ba ka rubuta ba. A ra'ayina gidan burodin da ba ya iya biyan mai shi ko da ƙaramin albashi bai mayar da kuɗinsa ba tukuna, yana cin uwar kuɗi ne a hankali. Za mu sa maka 130,000 a wata, wato 5,000 a rana. Shafi na biyu ya tsaya a naira 30,500.

Gargaɗi: ko da wurin naka ne, ka rubuta hayar da za ka samu da ka ba wani shi. Idan kuma hayar ta wani ce, ka riƙa cire 2,000 ɗin kullum kana ajiyewa daban, domin masu gidan burodi da dama ba sa tuna haya sai mai gida ya aiko, sannan su taɓa kuɗin fulawa.

6. Nemo ainihin kuɗin da burodi yake shigo da shi

Farashin da mai ci yake biya ba shi ne yake shiga hannunka ba. A misalinmu burodin naira 800 ne a bakin ƙofa, amma masu shago da masu shayi da 'yan sari a 700 suke ɗauka, kuma su ne mafiya yawa. Ka duba littafin cinikin mako guda ka ga yadda rabon yake. Idan cikin kowane ɗari, tamanin suna tafiya a sari, ashirin a bakin ƙofa, to tamanin sun kawo 56,000, ashirin sun kawo 16,000, jimla 72,000. Matsakaicin farashinka naira 720 ke nan, kuma da shi za ka yi aiki.

Gargaɗi: idan kana ba masu ɗauka gyara, misali guda ɗaya a kan kowane ashirin, ko kana biyan la'ada ga mai kai kaya a kan kowane burodi, ka cire ta daga farashin tun a nan.

7. Cire kwantai da abin da ba a sayar ba

Ba duk burodi 165 da suka fito daga tanda ne suke zama kuɗi ba. Wasu suna ƙonewa a ɓangaren da wuta ta fi ƙarfi, wasu suna lotsewa a bayan babur. Ma'aikata suna tafiya da nasu gida, kamar yadda aka saba, ga na maƙwabta da na sadaka. Sai babban cikinsu, wato kwantan da masu shago suke dawo maka da shi bayan kwana biyu su ce a musanya.

Ka ƙirga waɗannan tsawon mako guda ba tare da kunyar kowa ba. A misalinmu, daga kowane buhu guda uku suna lalacewa, huɗu suna tafiya a ci da kyauta, takwas suna dawowa kwantai. Goma sha biyar sun fita, saura 150 da aka karɓi kuɗinsu. Kuɗin buhun kuwa bai ragu ba, yana nan a 90,750, sai dai yanzu guda 150 ne za su ɗauke shi, don haka kowane burodin da aka sayar ya tsaya a naira 605, ba 550 ba.

Bambancin naira 55 yana kama da ƙarami, amma ka duba inda yake cizo. Da a ce duka ake sayarwa, kowane burodi zai bar maka 170, wato 720 a cire 550. Yanzu 115 yake bari, wato 720 a cire 605. Asarar guda goma sha biyar cikin 165 ta tafi da kusan sulusin abin da kake dogaro da shi wajen biyan haya da albashi.

Gargaɗi: ɗan abin da ake samu idan aka sayar da kwantai ga masu kiwon kifi ko dabbobi kada ka sa shi a lissafi, domin ba kullum ake samun mai saye ba. Kuma a lokacin zafi da damina burodi yana saurin yin fumfuna a cikin leda, musamman idan an ɗaure shi bai gama hucewa ba, saboda haka kwantan watan Afrilu ko Agusta ba zai zo ɗaya da na hunturu ba.

8. Fitar da adadin

Yanzu komai ya kammala, sai rabawa:

```
30,500 ÷ (720 − 605) = 30,500 ÷ 115 = 265.2
```

Ana cikewa sama ne koyaushe, don haka gidan yana bukatar ya sayar da burodi 266 a kowace ranar aiki, a karɓi kuɗinsu. Wannan adadin sayarwa ne. Adadin gasawa ya fi shi, domin sai an gasa 165 ake sayar da 150, saboda haka sai an gasa kimanin 293 kafin a sayar da 266.

Da yake ba a kwaɓa fulawa da ƙidayar burodi, ya fi sauƙi ka mayar da amsar zuwa buhu. Kowane buhu yana kawo 108,000 daga burodi 150 a kan 720, ya ci 90,750, ya bar 17,250. Idan ka raba 30,500 da 17,250 za ka samu buhu ɗaya da kashi uku cikin huɗu, da ɗan ɗoriya. Ma'anarsa a aikace ita ce, ranar da aka kwaɓa buhu ɗaya an faɗi da 13,250, ranar buhu ɗaya da rabi an faɗi da 4,625, ranar buhu biyu an tsira da 4,000, ranar buhu uku kuma an samu 21,250, muddin kasuwa ta ɗauke su.

Yana da kyau ka kwatanta wannan da lissafin da mutum yake yi a ka kafin ya buɗe gida. Zai ce burodi 800 ne, ya tsaya masa a 550, ribarsa 250, kuɗin rana 25,500 ne tunda bai sa kansa ba, don haka guda 102 sun wadatar. Sai ya riƙa sayar da 150 kullum yana ganin ya wuce layi, alhali jarinsa raguwa yake yi da fiye da naira dubu goma sha uku a rana, kuma ba zai gane ba sai ranar da kuɗin da ke hannunsa ya kasa sayen buhunan da ya saba saye. Wannan ita ce alamar farko da za ka riƙa dubawa: idan a farkon wata kana iya sayen buhu goma a tashi ɗaya, a ƙarshensa kuma takwas kake iyawa ba tare da farashi ya motsa ba, to kana ƙasa da adadinka.

Gargaɗi: buhu na uku ba riba ba ne sai an sayar da shi. Ya ci 90,750, don haka sai an sayar da guda 127 daga cikinsa kafin ya biya kansa kawai. Idan masu ɗaukar kayanka ba za su iya shanye fiye da ƙarin tamanin ba, rabin buhu za ka ƙara, in ba haka ba ribar buhu biyun farko ma za ta bi shi.

9. Gwada adadin da tashin fulawa

Ka sake lissafin kana ƙaddara cewa buhu ya tashi daga 60,000 zuwa 65,000. Kuɗin buhu ya koma 95,750, abin da yake bari kuma ya sauko daga 17,250 zuwa 12,250. Yanzu sai an kwaɓa kusan buhu biyu da rabi, wato a sayar da burodi 374, kafin a biya kuɗin rana. Fulawa ta tashi da kimanin kashi 8 cikin ɗari, amma adadin da ake bukata ya tashi da kusan kashi 40, kuma gidan da jiya yake tsira da buhu biyu yau yana faɗuwa da 6,000. Dalili shi ne ƙarin ba daga cinikin 108,000 yake fita ba, daga 'yar ragowar 17,250 yake fita.

Hanyoyi biyu ne a gabanka, kuma kowace sai ka sa ta a takarda kafin ka zaɓa. Idan ka ƙara naira 50 a farashi, matsakaicin ya koma 770, buhu ya bar 19,750, adadin ya sauko zuwa 232. Idan kuma ka bar farashi ka rage yanka daga giram 500 zuwa 470, buhu zai ba da wajen 175, a sayar da 160, ya bar kimanin 19,300 bayan ƙarin leda, adadin ya tsaya a wajen 253. A takarda ba su da nisa da juna. A kasuwa kuwa sun bambanta, domin mai shayi yanka-yanka yake sayar da burodinka, kuma idan wuƙarsa ta saba fitar da yanka shida ta koma fitar da biyar, shi ne zai fara ganewa ya koma wani gidan. Ni na fi karkata ga ƙarin farashi a fili idan sauran gidajen unguwar ma sun ƙara. Idan kai kaɗai ne za ka ƙara, to ka fara da rage kwantai, domin kowane guda ɗaya da ka ceto a buhu naira 720 ce cikakkiya, tunda an riga an biya kuɗin yin sa.

10. Idan burodin naka kala-kala ne

Gidaje kaɗan ne suke yin girma ɗaya. Hanya mafi sauƙi ita ce ka auna kowane nau'i da kuɗin da kilo ɗaya na kwaɓi yake kawowa. A misalinmu, kwaɓin da ake sayarwa daga buhu kilo 75 ne, wato guda 150 masu rabin kilo, don haka kowane kilo ya tsaya a 1,210. Babban burodi yana kawo 1,440 a kilo, ya bar 230. Ƙaramin da ake yankawa a giram 200 a sayar a sari a kan 250 yana kawo 1,250 a kilo, ya bar 40 kacal, kuma kilo ɗayan leda biyar yake ci maimakon biyu, wanda zai iya shanye arba'in ɗin gaba ɗaya.

Irin wannan ƙaramin burodin shi ne yake fi saurin ƙarewa, shi ya sa mai gida yake ganin shi ne yake riƙe da gidan, alhali kusan a banza ake gasa shi. Idan rabin kwaɓinka a kansa yake tafiya, kada ka ƙirga shi cikin 266 ɗin nan. Ka gyara nauyinsa ko farashinsa har ya kusanci abin da babban yake bari a kilo, sannan ka sake lissafin gidan gaba ɗaya a buhu.

11. Bibiyi adadin kowace rana

Ka ja layuka biyar a littafinka: buhunan da aka kwaɓa, burodin da ya fito, wanda aka fitar, wanda ya dawo, da kuɗin da ya shigo hannu. A mako mai ranakun aiki shida kana neman guda 1,596, wato 266 sau shida, don haka idan Litinin ta gaza da arba'in, sai wata ranar ta cike su. Ciniki yakan ƙaru da sanyi lokacin da teburan shayi suke cika, yakan kuma sauya lokaci da azumi, inda cinikin safe yake komawa na buɗa-baki da sahur, saboda haka ka daidaita yawan kwaɓi da lokacin gashi da abin da littafin makon jiya ya nuna.

Gargaɗi: burodin da aka ɗauka bashi bai shiga ƙidaya ba sai ranar da aka biya. Idan ka fitar da 300 amma kuɗin 220 ne ya dawo, to gobe da kuɗin 220 za ka shiga kasuwa, kuma dilan fulawa ba zai karɓi sunayen masu shayi a madadin kuɗi ba. Ka sa wa kowane mai ɗauka iyakar kwana biyu, wanda bai biya na shekaranjiya ba kada a sauke masa na yau. Duk ranar da farashin fulawa ko sukari ko itace ya motsa, ko aka ƙara ma'aikaci, ko mai gida ya ƙara haya, ka koma mataki na huɗu da na biyar ka sauya lambar da ta canja, sannan ka sake rabawar mataki na takwas kafin a hura tandar washegari.